Me ya sa lissafina ya ba ni 173 MeV, littafi kuma ya ce 200?

"Malam, an ba mu aikin lissafa makamashin da ke fita idan yuraniyam-235 ya tsage ya zama bariyam-141 da kiriftan-92. Na bi E = mc², na samu kimanin 173 MeV, amma littafinmu ya ce tsagewa ɗaya tana ba da 200 MeV. A ina na yi kuskure? Kuma wannan nauyin da ake cewa ya ɓace, ina ya tafi?"

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, lissafinka daidai ne. Littafin ma bai yi ƙarya ba. Kai ka auna abin da ya fita a take, a ƙiftawar da cibiyar atam ɗin ta rabe, shi kuma littafin ya jira har ƙura ta lafa sannan ya yi jimilla. Tazarar da ke tsakaninku, wajen 26 MeV, ana iya lissafa ta da hanyar da ka bi, kuma zan nuna maka. Amma bari mu sake bin lissafin tun daga tushe, domin ina so ka tabbata cewa 173 ɗin nan sani ne ya kai ka gare ta, ba sa'a ba.

Kafin a taɓa kalkuleta, sai an daidaita tsagewar a takarda:

```
n + U-235 → Ba-141 + Kr-92 + 3n
```

Ƙirga mazauna cibiya, wato furoton da niyutiron a haɗe. A hagu akwai 235 da 1, sun zama 236. A dama akwai 141 da 92 da 3, su ma 236 ne. Ƙirga furoton kaɗai: yuraniyam yana da 92, bariyam 56, kiriftan 36, kuma 56 da 36 sun ba da 92. Idan waɗannan biyun ba su daidaita ba, kada ka ci gaba, domin duk abin da zai biyo baya shirme ne. Ta wannan ƙirgen ne ma ake gane yawan niyutiron da suka fita idan tambaya ta ɓoye shi: 236 a ɗebe 141, a ɗebe 92, saura 3.

Ka lura da abin da ƙirgen ya nuna tun yanzu, don shi ne rabin amsar tambayarka ta biyu. Babu furoton ko niyutiron ɗaya da ya ɓata. Su 236 suka shiga, su 236 suka fita.

Yanzu sai nauyi. Ina cewa nauyi ne a ma'anar abin da ake aunawa da kilogiram, wanda ake rubutawa m. A wannan fagen ma'aunin da ya fi dacewa shi ne u, wanda yake kashi ɗaya cikin sha biyu na nauyin atam ɗin kabon-12. Ga abin da jadawalin nauyin aisotof ke bayarwa:

```
U-235   235.043930 u
n         1.008665 u
Ba-141  140.914411 u
Kr-92    91.926156 u
```

Jadawali da jadawali sukan saɓa kaɗan a lambobi biyu na ƙarshe, saboda ana sake awo ana gyarawa. Wannan ba zai girgiza amsarka ba. Tara hagu, tara dama, ka ɗebe:

```
hagu: 235.043930 + 1.008665 = 236.052595 u
dama: 140.914411 + 91.926156 + 3(1.008665) = 235.866562 u
Δm = 236.052595 − 235.866562 = 0.186033 u
```

Wannan 0.186033 u shi ne giɓin nauyi. Bai kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin niyutiron guda ba, kuma idan ka raba shi da 236 za ka ga bai cika kashi ɗaya cikin dubu na abin da aka fara da shi ba. Duk makamashin tsagewar daga wannan ɗan giɓin yake.

Hanya biyu ce ta mayar da shi makamashi. Doguwar ita ce a koma kilogiram. Kowane u yana daidai da 1.66054 × 10⁻²⁷ kg, saboda haka giɓin ya zama 3.0892 × 10⁻²⁸ kg. Saurin haske 2.99792 × 10⁸ mita ne a daƙiƙa, idan aka ninka shi da kansa ya ba da 8.98755 × 10¹⁶. Ninka biyun, sai ka samu jul 2.7764 × 10⁻¹¹. Tunda MeV ɗaya, wato eV miliyan ɗaya, jul 1.60218 × 10⁻¹³ ne, raba ka ga 173.3 MeV.

Gajeriyar ita ce wadda masu aikin ke bi kullum. An riga an yi wancan dogon lissafin sau ɗaya don u guda, aka samu cewa u ɗaya daidai yake da 931.494 MeV. To sai kawai:

```
Q = 0.186033 × 931.494 = 173.3 MeV
```

Abin da nake yawan gani a takardun ɗalibai shi ne mutum ya ninka da 931.494, sannan ya sake ninkawa da c² wai don ya cika umarnin E = mc². A'a, c² yana cikin 931.494 ɗin tuntuni. Ko ka bi ta kilogiram da c², ko ka bi ta 931.494, amma ba duka biyun a jere ba. Shawarata ita ce ka bi doguwar hanyar sau ɗaya ko biyu da hannunka, har ka ga lambar 931 ta fito da idonka, daga nan ka riƙa bin gajeriyar da kwanciyar hankali.

Niyutiron ɗin da ya shigo fa, ba shi da nasa makamashin gudu? Yana da shi, amma a irin tsagewar da ake yi a yawancin tukwanen nukiliya, wato na'urorin da ake tsaga yuraniyam a cikinsu don samun zafi, an riga an rage masa sauri har makamashinsa ya sauko wajen 0.025 eV. A gaban miliyan 173 na eV, wannan ba abin sakawa a lissafi ba ne.

To ina nauyin ya tafi? Kalmar "ɓacewa" ita ce ke rikita mutane, don tana sa a zaci wani yanki na atam ya narke ya zama haske. Abin da ke faruwa ya fi haka sauƙi. Nauyin cibiya bai taɓa zama jimillar nauyin mazaunanta ba. Idan ka ɗauki furoton 92 da niyutiron 143 a warwatse ka auna su, za su fi cibiyar yuraniyam-235 nauyi. Lokacin da suka haɗu suka ɗaure, sun saki makamashi, kuma nauyin wannan makamashin ya fita tare da shi. Ana kiransa makamashin ɗauri: abin da za ka biya kafin ka sake wargaza cibiyar. Gwargwadon ƙarfin ɗaurin, gwargwadon raguwar nauyin.

A yuraniyam-235, kowane mazauni yana ɗaure da kimanin 7.59 MeV. A bariyam-141 kimanin 8.33 ne, a kiriftan-92 kimanin 8.51. Wato gutsattsarin sun fi uwarsu ɗauri. Dalilin shi ne ƙarfin da ke riƙe cibiya gajeren hannu gare shi, maƙwabci na kusa kawai yake kamawa, alhali turin da furoton ke yi wa juna saboda cajinsu iri ɗaya yana kaiwa daga wannan gefen cibiyar zuwa wancan. Furoton 92 a cunkushe wuri guda suna ta ture juna, sai ɗaurin ya yi sako-sako. Da aka raba su gida biyu, turin ya ragu, ɗaurin ya ƙara ƙarfi. Za ka iya gwada amsarka ta wannan hanyar:

```
Ba-141: 1173.97 MeV
Kr-92:   783.19 MeV
U-235:  1783.87 MeV
1173.97 + 783.19 − 1783.87 = 173.29 MeV
```

Amsa ɗaya, don a gaskiya lissafi ɗaya ne aka juya. Ka dai kula da abu biyu. A nan ana ɗebe na hagu daga na dama ne, akasin yadda aka yi da nauyi, domin ƙarin ɗauri shi ne ragin nauyi. Sannan niyutiron da ke yawo shi kaɗai ba ya ɗaure da kowa, makamashin ɗaurinsa sifili ne, shi ya sa ba ka gan shi a lissafin ba.

Ga wani gwaji na tunani da nake so ka riƙe. A ce ka sa yuraniyam ɗin a akwatin da komai ba ya fita daga cikinsa, ko zafi, ko haske, ko wata ƙwaya. Ka ɗora akwatin a sikeli, sannan tsagewar ta auku a ciki. Sikelin ba zai motsa ba. Makamashin ya tashi daga ɗaurin cibiya ya koma gudun gutsattsari, daga nan ya zama zafi, amma yana nan cikin akwatin, kuma nauyinsa yana tare da shi. Sai ranar da ka buɗe ka bar zafin ya fita sannan akwatin zai rage nauyi, daidai da E/c². Nauyin ya bi makamashi ne ya fita, inda makamashin ya je can nauyin yake. Wannan kuma bai keɓanta da nukiliya ba. Atam ɗin kabon ɗaya idan ya ƙone yana sakin kimanin 4 eV, shi ma da ɗan giɓin nauyinsa, sai dai ya yi ƙanƙantar da babu sikelin da zai gan shi. Tsagewa ɗaya ta ninka wannan sau miliyan hamsin, shi ya sa giɓinta ya fito fili a jadawali.

Yanzu mu zo kan 26 MeV ɗin da ke tsakaninka da littafi, wanda a ganina shi ne wurin da ya fi daɗin fahimta a duk lissafin.

Bariyam-141 da kiriftan-92 ba su zauna ba tukuna. Manyan cibiyoyi irin yuraniyam suna buƙatar niyutiron da yawa don su danne turin furoton, kusan uku ga kowane furoton biyu. Matsakaitan cibiyoyi ba sa buƙatar haka. Gutsattsarin sun gaji rabon uwarsu, sai suka wayi gari da niyutiron fiye da ƙima. Kiriftan mafi nauyi da ke zaune lafiya shi ne kiriftan-86, namu kuwa 92 ne, ya yi rara da shida. Maganin da cibiya ke yi wa kanta shi ne ruɓewar beta: niyutiron ɗaya ya rikiɗa ya zama furoton, a saki ilektiron da wata ƙwaya mai suna antiniyutirino. Adadin mazauna bai canza ba, amma furoton ya ƙaru da ɗaya, sinadarin ya sake suna. Haka za a yi ta yi har a iso wurin zama:

```
Ba-141 → La-141 → Ce-141 → Pr-141
Kr-92 → Rb-92 → Sr-92 → Y-92 → Zr-92
```

Ruɓewa uku a layin sama, huɗu a na ƙasa, bakwai ke nan, kuma kowace tana sakin makamashi. Ba a lokaci ɗaya suke aukuwa ba. Rabin rayuwar kiriftan-92 bai kai daƙiƙa biyu ba, na bariyam-141 kimanin minti 18 ne, na siriyam-141 kuwa, wato Ce-141, ya haura kwana 32. Saboda haka wannan makamashin a hankali yake ɗigowa, wani bayan daƙiƙoƙi, wani bayan watanni.

Ba sai ka bi matakan bakwai ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da giɓin nauyi ya damu da shi shi ne mafari da maƙura. Ɗauko nauyin na ƙarshe biyun:

```
Pr-141  140.907653 u
Zr-92    91.905041 u
jimilla 232.812694 u

Ba-141 + Kr-92 = 232.840567 u
Δm = 232.840567 − 232.812694 = 0.027873 u
Q = 0.027873 × 931.494 = 26.0 MeV
```

Haɗa 173.3 da 26.0, ka samu 199.3 MeV. Ga 200 ɗin littafinka nan.

Amma kada ka ɗauka cewa 200 ɗin daga wannan tsagewar ta bariyam da kiriftan kaɗai aka samo ta. Yuraniyam-235 yana tsagewa ta hanyoyi masu ɗimbin yawa, kuma babu mai iya faɗa maka wadda cibiya guda za ta bi. Yawanci ana samun gutsure ɗaya mai mazauna wajen 95, ɗayan wajen 140, rabewa daidai-wa-daida kuwa ba ta cika faruwa ba. Wani lokacin niyutiron biyu ne ke fita, wani lokacin uku, matsakaicin ya kama 2.4. Gwada wannan da kanka: zenon-140 mai nauyin 139.921641 u, da sitirontiyam-94 mai 93.915361 u, da niyutiron biyu. Ya kamata ka samu giɓin 0.198263 u, wato 184.7 MeV. Ka ga ta fi taka da fiye da 11 MeV, kuma ita ma daidai ce. Lambar 200 matsakaici ne na duk hanyoyin, tare da ruɓewar da ke biyo baya, aka dunƙule shi don sauƙin riƙewa. A jarrabawa, idan an ba ka tsagewa takamaimai da nauye-nauyenta, amsar da nauyin ya bayar ita ake nema. Kada ka ga 173 ka tsorata ka goge ka rubuta 200.

Akwai wani ɗan abin mamaki a lambar. Ba duk 200 ɗin ne ke zama zafi a tukunya ba. Kaso mafi tsoka, wajen 168 MeV a matsakaici, gudun gutsattsarin biyu ne. Da zarar sun rabu, ga caji mai yawa a kowanne, sai su ture juna da ƙarfin gaske, amma ba sa yin nisa: tafiyar da ba ta kai kaurin silin gashi ba suke yi a cikin sandar yuraniyam ɗin su tsaya, gudun ya zama zafi. Niyutiron da suka fita suna ɗauke da wajen 5 MeV, hasken gama na take wajen 7. Sauran na ruɓewar baya ne, kuma a cikinsa akwai wajen 9 MeV da antiniyutirino ke tafiya da shi. Wannan ƙwayar kusan ba ta hulɗa da komai, tana ratsa bangon tukunya da doron ƙasa ta wuce abinta, don haka rabonta asara ne ga mai neman zafi. Sai dai kuma niyutiron da ba su haddasa wata tsagewar ba, idan wasu cibiyoyi suka haɗiye su, ana sakin hasken gama na 'yan MeV, wanda lissafin giɓinmu bai ƙunsa ba. Abin da aka rasa can an kusa mayar da shi nan, sai lambar ta sake komawa kusa da 200. Shi ya sa injiniyoyi ke amfani da ita ba tare da fargaba ba.

Wannan makamashin da ke zuwa a makare ba maganar takarda ba ce kawai. Shi ne dalilin da ya sa tukunyar da aka kashe ba ta hucewa nan take. A daƙiƙar da aka tsayar da tsagewa, gutsattsarin da suka taru suna ci gaba da ba da kashi shida zuwa bakwai cikin ɗari na zafin da tukunyar ke bayarwa tana aiki, sannan ya riƙa raguwa. Dole a ci gaba da sanyaya ta.

Bari in nuna maka wuraren da ake zamewa, tare da alamar kowanne, domin a wannan lissafin amsar da ba daidai ba takan tona asirin kuskuren da ya haife ta.

Mafi yawa shi ne yanke lambobi da wuri. Kana ɗebe lamba 235 da ɗoriya daga lamba 236 da ɗoriya don ka sami abin da bai kai 0.2 ba, saboda haka duk amsar tana zaune ne a bayan ɗigo. Idan ka taƙaita nauye-nauyen zuwa lamba biyu bayan ɗigo, giɓin zai fito 0.18, amsa ta zama 168. Idan lamba ɗaya ka bari, giɓin 0.2 ne, amsa 186. Kowane 0.001 u da ka yar kusan MeV ɗaya ne. Riƙe aƙalla lamba huɗu bayan ɗigo, biyar ko shida sun fi, kuma kada ka dunƙule sai a layin ƙarshe. Wanda ya yi amfani da 235 da 141 da 92 tsurarsu kuwa sifili zai samu, domin waɗannan ƙirgen mazauna ne.

Na biyu shi ne ƙirgen niyutiron. Idan amsarka ta haura 2000 MeV, ka sa niyutiron ɗaya ne a dama maimakon uku: biyun da ka manta sun shiga giɓin, ya kumbura zuwa 2.2 u, amsa ta zama wajen 2052. Idan giɓin ya fito da alamar ragi, wajen −0.82 u, ka manta da niyutiron ɗin da ya shigo ta hagu. Ya halatta ka soke ɗaya daga kowane gefe, ka bar yuraniyam shi kaɗai a hagu da niyutiron biyu a dama, amsa ba za ta canza ba. Abin da bai halatta ba shi ne sokewa a gefe guda.

Na uku ya fi ɓuya, kuma shi ne ke kama ɗalibai masu ƙoƙari. Nauye-nauyen da na ba ka na cikakken atam ne, har da ilektiron ɗinsa, ba na cibiya tsirara ba. Wani zai ce ai tsagewa a cibiya take, me ya kawo ilektiron? Gaskiya ne, amma duba: atam ɗin yuraniyam yana da ilektiron 92, bariyam 56, kiriftan 36. Guda 92 a hagu, 92 a dama, sun soke juna wajen ɗebewa. Matsala tana zuwa ne idan ka gauraya, ka cire ilektiron daga yuraniyam ka bar su a jikin gutsattsarin. Ilektiron ɗaya 0.000549 u ne, 92 sun kai 0.0505 u, wato 47 MeV. Amsarka za ta faɗo zuwa wajen 126, idan kuma ta ɗaya gefen ka yi gaurayen, ta hau zuwa wajen 220. Wannan ta biyun ta fi haɗari don tana kama da gaskiya. Ka zaɓi iri ɗaya ka tsaya a kansa, kuma na cikakken atam ya fi sauƙi tunda shi jadawali ke bayarwa.

Ko a ruɓewar beta ɗin da muka yi ɗazu, nauyin cikakken atam ya yi mana aiki a ɓoye. Atam ɗin Pr-141 yana da ilektiron 59, na Zr-92 yana da 40, jimilla 99, alhali da 92 muka fara. Ƙarin bakwai ɗin su ne daidai ilektiron bakwai da ruɓewar ta haifar. Jadawalin ya riga ya ƙirga su, don haka kada ka sake ƙara su da hannunka.

Akwai kuma masu ɗauko nauyi daga jadawalin sinadarai na ajin kimiyya, inda aka rubuta yuraniyam 238.03, bariyam 137.33, kiriftan 83.80. Waɗannan matsakaicin aisotof ɗin da ake samu a ƙasa ne, ba su da alaƙa da bariyam-141 ko kiriftan-92, waɗanda ba sa ma daɗewa balle a same su a ƙasa.

Ma'aunin da nake ba ɗalibaina shi ne: tsagewar babbar cibiya tana ba da ƙasa kaɗan da MeV ɗaya ga kowane mazauni. Mazauna 236, amsa tsakanin 160 da 210. Duk abin da ya fita daga wannan da'irar, koma ka duba. Irin wannan ƙiyasin na kai-tsaye Lise Meitner da Otto Frisch suka yi lokacin da suka fassara sakamakon Otto Hahn da Fritz Strassmann, waɗanda suka gano bariyam a cikin yuraniyam da aka harba wa niyutiron a Disamban 1938. Sun ga gutsattsarin za su gaza uwarsu da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na nauyin furoton, suka ninka da c², ta ba su wajen 200 MeV, daidai da abin da turin cajin gutsattsarin biyu ya nuna.

Saura mataki ɗaya da kusan kullum ke biyo bayan tambayarka: nawa ne makamashin kilogiram guda? Jul 3.2 × 10⁻¹¹ na tsagewa ɗaya, wato 200 MeV, makamashi ne ɗan ƙanƙani ƙwarai. Yawan atam ne ke mayar da shi abin tsoro. Giram 235.04 na yuraniyam-235 yana ɗauke da atam 6.022 × 10²³, saboda haka:

```
N = (1000 / 235.04) × 6.022 × 10²³ = 2.562 × 10²⁴
E = 2.562 × 10²⁴ × 3.204 × 10⁻¹¹ = 8.2 × 10¹³ J
```

A nan 200 ce ta dace, ba 173 ba, domin atam masu wannan yawan za su bi duk hanyoyin tsagewa, kuma za a jira ruɓewarsu. Idan ka raba da 3.6 × 10⁶, wato jul ɗin da ke cikin kilowat-awa ɗaya, za ka samu kilowat-awa miliyan 23 na zafi, kusan. Na ce na zafi, don tashar lantarki wajen kashi ɗaya cikin uku kawai take iya mayarwa wuta. Kuma wannan lissafin na kilogiram ɗin yuraniyam-235 zalla ne wanda kowane atam ɗinsa ya tsage. Yuraniyam da ake haƙowa kashi 0.72 cikin ɗari ne kawai 235 a cikinsa, saura kusan duka 238 ne.

A wannan matakin ne kuskure mafi girma ke jira. Mutum ya ga "kilogiram ɗaya", ya ga E = mc², sai ya sa m = 1, ya samu jul 9 × 10¹⁶. Wannan ya ninka gaskiya fiye da sau dubu. Harafin m a lissafinmu giɓin ne, ba nauyin yuraniyam ɗin ba. Juya lissafin ka gani: raba 8.2 × 10¹³ da 8.99 × 10¹⁶, ka samu 9.1 × 10⁻⁴ kg. Wato bayan kilogiram guda ya tsage ƙaf, ya huce, aka tattara gutsattsarin da niyutiron ɗin aka auna, abin da ya ragu bai cika giram ɗaya ba. Sauran giram 999 suna nan a matsayin bariyam, zenon, sitirontiyam da 'yan'uwansu.

Daga nan ne wata ƙa'idar masu aikin tukunya ta fito, kuma za ka iya fitar da ita da kanka cikin layi biyu. Megawat ɗaya na zafi na tsawon kwana guda jul 8.64 × 10¹⁰ ne. Raba da 3.204 × 10⁻¹¹, tsagewa 2.7 × 10²¹ ke nan. Ninka da 235, ka raba da 6.022 × 10²³, sai ka ga giram 1.05. Kusan giram ɗaya na yuraniyam-235 ke tsagewa don kowane megawat a kowace rana. Abin da ake cinyewa a zahiri ya ɗan fi haka, wajen giram 1.2, domin wasu cibiyoyin na 235 suna haɗiye niyutiron su ƙi tsagewa, su zama yuraniyam-236.